Wanda ya yi mini intabiyu ya bar wurin, wa zan tuntuɓa?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na yi intabiyun aikin jami'in sito a wata ƙungiya mai ofis a nan Sakkwato, hedkwatarsu tana Abuja. Shugaban sashen da ya jagoranci zaman ya ce in saurare su cikin mako 2, har ya ce in fara shiri. Yau mako 5 shiru. Na tura masa imel ya dawo mini, na je ofishin maigadi ya ce ya bar aiki. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi na san wannan zafin, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin get da ambulan a hannu, rana tana dukansa, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce "ai Oga ya tafi, wani sabo anka kawo", ya san yadda gwiwa ke sagewa a wurin. Ka riga ka gaya wa mutanen gida an ce ka fara shiri, mahaifiya ta sa albarka, ƙila har an fara yi maka murna a majalisa, sai ga shi mutum ɗaya tilo da ya san fuskarka a ginin ba ya nan. Allah ya ba ka haƙuri. Amma kada ka ɗauka aikin ya tafi tare da shi. Gurbin na ƙungiya ne, kuma abin da za ka nema yanzu shi ne hannun da fayil ɗinka yake.

Ga yadda abin ke tafiya a irin waɗannan ƙungiyoyi. A ranar intabiyu kowane ɗan kwamiti yana da takardar maki, yakan cika ta ya sa hannu. Daga nan a haɗa makin a rubuta rahoto ɗaya da ke nuna na ɗaya, na biyu, na uku, shugaban kwamiti ya sa hannu, a miƙa wa sashen kula da ma'aikata. Su ne za su tuntuɓi mutanen da ka ba da sunansu a matsayin masu shaidarka, su nemi amincewar mai riƙe da kuɗin aikin, sannan a fitar da takardar ɗaukar aiki. To mutuminka ya tafi a wani mataki cikin waɗannan, kuma matakin ne ke nuna inda ka tsaya. In ya tafi kafin ya sa hannu a rahoton, akwai yiwuwar sabon ya ce a sake zama, domin ba kowa ke yarda ya karɓi ma'aikacin da bai taɓa gani ba. In kuwa rahoton ya riga ya isa Abuja, jinkiri ne kawai na jiran sa hannu. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ba ta ma bi ta ofishin ba: kira masu shaidarka yau ka tambaye su ko an tuntuɓe su. Galibi ba a ɓata lokacin neman shaida sai a kan wanda ake son ɗauka, ko shi da mai bi masa.

Koma kan imel ɗin da ya dawo ka karanta shi da kyau. In ka ga `Address not found` ko lambar `550 5.1.1`, an rufe adireshinsa ke nan, ba toshe ka aka yi ba, kada ka sa wa ranka komai. In kuma amsa ce mai fitowa da kanta, karanta har ƙasa, sau da yawa sunan wanda ya gaje shi yana ciki. Sannan ka nemo saƙon farko da aka gayyace ka intabiyu da shi. Dubi wanda ya aiko, dubi layin `Cc`. Kusan kullum akwai wani daga sashen ma'aikata a wurin, ko adireshi na ofis mai farawa da `hr@` ko `recruitment@`. A kan wannan tsohon saƙon za ka danna `Reply all`, kada ka buɗe sabo, saboda duk wanda ya buɗe ya ga tarihin maganar a ƙasa ba sai ya tambayi ko kai wane ne ba. Ka tuna kuma wa ya zauna yana rubutu a gefe ranar, ko wa ya kira ka a waya ya faɗa maka lokaci. Sau da yawa wannan da ba ka kula da shi ba shi ne mai fayil ɗin.

Saƙon ya zama gajere, layi 6 zuwa 8, da Turanci tunda da shi aka yi intabiyun. A kan saƙon ka sa cikakken sunanka, sunan gurbin kamar yadda aka rubuta a talla, da lambar tallar in akwai. Mu ce ranar Talata 3 ga wata ka zauna da su. Sai ka ce ka yi intabiyun jami'in sito a ofishin Sakkwato ranar 3, an shaida maka za a ji sakamako zuwa 17, ka samu labarin an yi canjin shugaban sashe, har yanzu kana son aikin. Daga nan tambaya 3 kacal: shin gurbin yana nan a buɗe, wa ke kula da shi yanzu, kuma yaushe ake sa ran yanke hukunci. Ka rufe da cewa a shirye kake ka sake zama da sabon shugaban in ana buƙata, ka maƙala takardunka daidai waɗanda ka tura da farko, ka sa lambar wayarka. Tura da safiyar Litinin ko Talata. Na Juma'a da rana yakan nutse a ƙarƙashin saƙonnin ƙarshen mako.

Abu ɗaya nake roƙonka, don Allah kada ka rubuta cewa wancan ya yi maka alkawari. Ba ka san yadda ya tafi ba. In da rigima aka rabu, duk wanda ya zo da sunansa a baki kallon yaronsa za a yi masa, kuma ko lafiya aka rabu, mai kula da ma'aikata in ya ji an yi wa ɗan takara alkawari kafin a gama tantancewa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an karya ƙa'ida, sai ya ga gara a soke zaman gaba ɗaya a sake. Da bakinka za ka rusa makin da ka ci. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne su masu faɗin "fara shiri" ɗin. Mutum ya san ya miƙa takardar barin aiki, ya san saura masa kwana kaɗan, amma ya dubi bawan Allah ya ɗora shi a kan keken ɓera, ya tafi bai rubuta layi 2 a bayanin miƙa aiki ba cewa ga 'yan takara suna jiran amsa. Me zai rage masa? Akwai waɗanda kan irin wannan magana suka ajiye ɗan aikin koyarwar da suke ci da shi, suka ƙi wani tayin, suka zauna jiran takardar da ba wanda ya san da ita. Wannan haƙƙi ne, kuma ba ƙarami ba. In kana da abin yi yanzu, riƙe shi har sai takarda mai ɗauke da albashi, ranar fara aiki da sa hannu ta shigo hannunka.

Shi wanda ya tafi za ka iya tuntuɓarsa sau ɗaya in kana da lambarsa. Ka gaishe shi, ka yi masa fatan alheri a sabon wuri, ka tambaye shi wa ya miƙa wa batun gurbin. Shi ke nan. Kada ka tambayi makinka, kada ka ce ya sa baki, ba shi da wannan ikon yanzu kuma za ka sa shi cikin kunya.

Bayan ka tura, ka ba su kwana 5 na aiki. In shiru, kira lambar ofis ko ka je da kanka da safe, da kwafin saƙon a buge, ka nemi jami'in mulki na ofishin, ba sabon shugaban ba. Ka ce ka zo tabbatar da ko saƙonka ya isa, ka roƙi sunan wanda ya dace a Abuja. Ofishin jiha sau da yawa ba shi ke fitar da takardar ɗauka ba, don haka kada ka tsare su da tambayar da ba su da amsarta. Bayan wasu kwana 7 na aiki ka tura saƙo na biyu mai layi 3. Daga nan ka tsaya. Na uku da na huɗu ba sa ƙara komai sai sa a gaji da sunanka.

Ka riƙa leƙa shafin da suka yi tallar. In gurbin ya sake fitowa da bayani iri ɗaya, ka sake nema, ka ambaci cewa ka yi intabiyu a baya. In ya fito an canza sharuɗɗa, misali an ƙara shekarun gogewa daga 2 zuwa 5, sabon shugaban ya sake fasalin aikin ne, tsohon rahoton ya mutu. In an ce maka an dakatar da gurbin, wannan yawanci maganar kuɗi ce. Ƙungiyoyin nan da tallafin masu ba da agaji suke ɗaukar ma'aikata, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ayyuka suka tsaya cak. Wani lokaci ma abin da ya kori shugaban shi ne ya rufe gurbinka. A nan sai ka roƙi a ajiye sunanka cikin waɗanda suka ci intabiyu, ka tambayi wata nawa suke riƙe irin wannan jerin.

In Allah ya sa sabon ya kira ka, ka shiga kamar ba ka taɓa zuwa ba. Bai ji amsoshinka na farko ba, ƙila ma bai buɗe fayil ɗin ba. Ka sake shirya bayaninka a kan katin kaya, ƙidayar ƙarshen wata, da yadda ake fitar da abin da ya kusa lalacewa kafin sabo, ka kuma tambaye shi me yake so a gyara a siton cikin wata 3 na farko. Kada ka ce "ai na riga na faɗa wa Oga".

Sai ka kula da wayarka a kwanakin nan. Masu damfara suna son irin wannan giɓin. Wani zai kira ya ce shi ne sabon mai kula da ɗauka, sunanka ya fito, ka turo kuɗin fom ko na gwajin asibiti a asusunsa kafin yamma. Ka duba adireshin da ya turo saƙo da shi, in na `gmail.com` ne alhali gayyatarka ta farko da adireshin ƙungiya ta zo, kada ka tura ko sisi, kira ofis ka tambaya. Ka dawo ka gaya mana abin da masu shaidarka suka ce, daga nan za mu san ko Abuja za ka fuskanta ko shirin sabon zama.