Sanarwar banki ta ce daga 1 ga Maris, ni kuma a Fabrairu na cire kuɗina

Barista, barka da aiki. A Fabrairun 2025 bankina ya turo saƙo cewa kuɗin cirewa a na'urar ATM zai canza daga 1 ga Maris. Ranar Juma'a 28 ga Fabrairu da daddare na cire Naira 40,000 don cefanen azumi a na'urar wani banki, a harabar reshensu, kuma shi ne cirewata ta farko a watan. Ranar Litinin sai na ga an zare min Naira 215. Bayan mako guda na koma na'urar, ta ƙi ba ni fiye da 10,000 a lokaci guda, na cire sau huɗu, aka zare Naira 430. Ina da hakki kuwa?

Hajiya, barka kadai. A cirewar farko kina da hujja mai ƙarfi. Ta biyun ma akwai abin magana, amma ba bankinki ne ya fara laifin ba. Bari mu buɗe sanarwar tare.

Wannan canji ba bankinki ne ya ƙirƙiro shi ba. Babban Bankin Najeriya ne ya fitar da takardar umarni ranar 10 ga Fabrairu, 2025, ya gyara sashen ATM na kundin cajin bankuna wanda ya fara aiki 1 ga Janairu, 2020. Abu na farko da ake nema a kowace irin wannan sanarwa shi ne wannan: daga ina canjin ya fito? Idan umarnin Babban Banki ne, a nemo takardar a shafinsa a gwada da saƙon banki, domin banki ba shi da ikon wuce abin da ta ƙayyade ko gabatar da ranarta.

Yawancin saƙonnin nan sabon farashi kawai suke faɗa, ba sa tuna wa mutum tsohon, alhali sai an jera su biyun ake ganin abin da ya motsa. A tsohon tsari, cirewa uku na farko a wata a na'urar wani banki kyauta ne, daga na huɗu ake biyan Naira 35. A sabon, an soke ukun nan na kyauta. Na'urar bankinki, wadda sanarwa ke kira "On-Us", har yanzu ba a biyan komai. Ta wani banki, wato "Not-On-Us", ta kasu biyu. Idan tana harabar reshe, Naira 100 ne a kan kowace 20,000. Idan a waje take, kamar babban kanti ko filin jirgi, Naira 100 ɗin na nan, sannan mai na'urar na iya ɗora ƙari da bai wuce Naira 500 ba a kan kowace 20,000, kuma dole a nuna miki ƙarin a fuskar na'urar kafin ki amince.

To ga lissafin 215 ɗinki: 40,000 kashi biyu ce ta 20,000, Naira 200 ke nan, sai harajin kaya da hidima na kashi 7.5 cikin ɗari, Naira 15. Harajin a kan cajin ake ɗora shi, ba a kan kuɗin da kika cire ba. Lissafin ya fita daidai. Ranar ce ba daidai ba.

Sanarwar ta ce sabon farashi zai fara aiki 1 ga Maris. Ke kin cire kuɗi 28 ga Fabrairu, lokacin da tsohon tsari ke aiki, kuma kin ce cirewarki ta farko ce a watan, don haka ko kwabo bai kamata a zare ba. Abin da yakan faru shi ne, hada-hadar daren Juma'a ba ta shiga littafin banki sai ranar aiki ta gaba, wadda a nan ta faɗo Litinin 3 ga Maris, sai na'urar lissafinsu ta ɗauke ta a matsayin ta Maris. Wannan matsalar tsarinsu ce. Hidimar da kika saya an yi ta an gama a Fabrairu, da farashin Fabrairu.

Sai dai ki tabbatar da sa'ar kafin ki ɗaga murya. Kin ce da daddare. In agogon na'urar ya nuna sha biyun dare ta gota, an shiga Asabar 1 ga Maris, kuma bankin ne da gaskiya. Hujjarki tana cikin saƙon da ya shigo wayarki a lokacin, ko 'yar takardar da na'urar ta fitar. Ki kuma nemi bayanin asusu na Fabrairu da Maris. Za ki ga layin kwanan wata guda biyu, galibi "Trans Date", wato ranar da aka yi hada-hadar, da "Value Date", wato ranar da banki ya lissafa ta a asusu. Mutane da yawa ɗaya suke kallo su haƙura. Bayanin Fabrairu kuma shi zai nuna ko da gaske ba ki ƙure ukun kyautar ba. In kin ƙure, Naira 35 da harajinta ne hakkinsu, sauran naki ne.

Cirewa ta biyu ta faɗa cikin sabon tsari, ba gardama. Inda aka cuce ki shi ne ma'auni. Ko ƙasa da 20,000 aka cire, Naira 100 ɗin cikakkiya ake biya, don haka 10,000 sau huɗu ta zama 400, da haraji 430, maimakon 215. Babban Banki ya gargaɗi bankuna cewa kada su tilasta wa mai kuɗi a asusu ya cire ƙasa da 20,000 a lokaci guda. Bankin da ke da na'urar ne ya saɓa wannan, amma ki kai kokenki ta hannun naki, tunda shi ya zare kuɗin, ki faɗi reshen da na'urar take da lokutan cirewa huɗun. Dawo da wannan ba shi da tabbas kamar na farkon, domin za su iya cewa kuɗi ne ya yi ƙaranci a na'urar.

Ki rubuta koken a takarda ko imel, kada ki tsaya a maganar baka da ma'aikacin kanta. Layi biyar sun isa: ranar da sa'ar cirewa, adadin, abin da aka zare, ranar da sanarwar ta ce canjin zai fara, da abin da kike so a mayar miki. Ki haɗa da hoton sanarwar da na saƙon wayar. Ki karɓi lambar bibiyar koke, domin ita ce shaidar cewa kin fara da banki, kuma Babban Banki zai tambaye ta. In mako biyu ya wuce shiru, ki tunatar da su a rubuce. In aka kai kwana 30 ba a warware ba, ki tura komai ga Sashen Kare Hakkin Abokan Hulɗa na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng. Ba a biyan kuɗi a kan wannan.

Kotu a buɗe take, tunda tsakaninki da banki yarjejeniya ce, amma ba zan ba ki shawarar zuwa can a kan Naira 430 ba, kuɗin mota kaɗai ya ninka ta. Abin da ya fi amfani shi ne, tunda bayanin asusun yana hannunki, ki bi sauran layukan da irin wannan lura. A kundin 2020, kula da kati Naira 50 ce duk wata uku a asusun ajiya, ba duk wata ba, kuma kuɗin kula da asusu na Naira ɗaya a kan kowace dubu na asusun "current" ne kaɗai. In kin tsinci ɗayansu inda bai dace ba, ki sa shi cikin wannan koken, da ranar kowace zara.