Yaushe zan ji motsin ɗan cikina, kuma me ya sa ake cewa a ƙirga?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Cikina na fari ne, wata huɗu da rabi, har yanzu ban ji motsi ba, alhali facalata ta ce ita tun wata huɗu take ji. Ko akwai matsala? Kuma a wajen awo na ji ana maganar ƙirga motsi, mece ce ita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, lokaci bai ƙure ba. Mai cikin fari takan fara ji ne wajen sati 18 zuwa 20, wasu har su ɗan wuce haka. Facalarki kuwa in ta taɓa haihuwa, ta riga ta san yadda abin yake, shi ya sa take gane shi tun sati 16. Jaririn dai ya daɗe yana motsi, ƙanƙanta ce ta hana ki ji. Motsin farko ma ba shuri ba ne. Kamar iska ce ke yawo a hanji, ko tsoka na ɗan rawa a ƙasan cibiya, har mace ta ɗauka waken da ta ci ne. In kuma mabiyiya ta kwanta ta gaban mahaifa, sai ta zama kamar matashin kai tsakaninku, jin ya yi jinkiri. Amma in kin kai sati 24, wato wajen wata biyar da rabi, shiru, ki je a saurari bugun zuciyarsa a yi sikanin.

Ƙirga ba yanzu ba ce, sai daga sati 28, lokacin da yaro ya fara samun tsarinsa na barci da farkawa. Dalilinta shi ne, abinci da iskar da yake rayuwa da su duk ta mabiyiya suke isa gare shi. Idan ta fara gazawa, saboda hawan jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro, ko cikin ya wuce lokacinsa, yaron yakan yi tattalin ɗan abin da yake samu, ya tura shi zuciya da ƙwaƙwalwa, ya rage wutsil-wutsil. Sau da yawa wannan raguwar ce alamar farko, kafin ciwo ko jini ya fito, kuma ke kaɗai ce za ki iya lura da ita.

Ki zaɓi lokacin da kika san yana yawan motsi. Mata da yawa sukan ce bayan cin abincin dare ne. Ki kwanta ta gefen hagu, ki ajiye waya, ki riƙe carbi. Duk shuri, juyi ko miƙa, ki ja ƙwaya ɗaya. Shaƙuwa, wannan ɗan bugun da ke zuwa a jere kamar agogo, ba ta shiga lissafi. Ana so a cika goma cikin awa biyu, kuma yawanci tun kafin rabin awa an gama. In kin fara ya yi shiru, wataƙila barci yake. Barcinsu minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce minti 90.

Ni dai na fi damuwa da yadda yaron ya saba motsi fiye da lambar. Ki ɗauka mace ce mai sati 34, kullum bayan Isha goman ta cika cikin minti ashirin. Yau ta kwanta ƙarfe tara, sha ɗaya ta yi carbinta na kan huɗu, su ma a sanyaye. Wannan ba ta jira gari ya waye, ba ta jira ranar awo. A daren za ta tafi ɗakin haihuwa. Ko da ma goman ta cika, in sai da aka ci awa biyu kan abin da aka saba gamawa a minti ashirin, canji ne da ya isa a duba. A can za a auna jininta da fitsarinta, a saurari zuciyar yaron, wadda ya kamata ta buga 110 zuwa 160 a minti. Inda akwai na'ura, a ɗaura mata ita a ciki kamar minti ashirin a ga yadda bugun ke tafiya, sannan sikanin ya nuna yawan ruwa da girman yaron. Yawanci akan tarar lafiya lau a sallame ta. Wani lokaci kuma a tarar ruwa ya ragu, a kwantar da ita, ko a yanke shawarar haihuwa kafin lokaci.

Za ki ji manya na cewa in ciki ya tsufa yaro kan daina motsi don wuri ya yi masa kaɗan, ko yana hutawa ne kafin naƙuda. Da girmamawa, ba haka ba ne. Motsi yana ƙaruwa har wajen sati 32, daga nan ya tsaya a haka har haihuwa. Salonsa ne ke sauyawa, shuri ya koma murɗawa da turi. Shan ruwan sanyi ko lemo don a tashe shi ma ba gwaji ba ne, ɓata lokaci ne. Kuma ko jiya aka duba ki aka ce lafiya, in yau ya sake yin sanyi, ki koma, kada kunyar ma'aikata ta hana ki. Tun yanzu ku yi magana da maigida kan wanda zai kai ki asibiti in abin ya faɗo da tsakar dare.