Takarda ɗaya ba za ta buɗe miki ƙofa uku ba

"Malam, ina Birmingham da bizar bayan karatu, saura mini wata takwas. Kafin in zo digiri na biyu na yi shekara biyu ina daidaita asusu a wani ƙaramin banki a Kano. Wani ejan ya karɓi fam 150 ya rubuta mini takardar neman aiki, ita na tura wa banki, da wani sabon kamfanin fasaha, da ƙungiyar agaji. Shiru kake ji. Yayana ya ce in ƙara ƙanƙan da kai, in ambaci halin da gida ke ciki. Me zan gyara?"

Ƙanwata, na karanta takardar da kika haɗo, kuma tun a layin farko na ga `I humbly beg to apply`. Wannan salon ofisoshin gida ne. Mai ɗaukar ma'aikata a Birtaniya ba ladabi zai gani a ciki ba, zai ɗauka ke kanki ba ki yarda kin iya aikin ba. Soke shi a duka ukun, haka ma hoto, da ranar haihuwa, da jihar asali, da zancen aure da ke cikin takardar tarihin aikinki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ejan ya ba ki muƙamin manaja, alhali ba ki taɓa riƙe shi ba. Banki ba ya ɗaukar mutum sai ya bincika wuraren da ya yi aiki. In suka kama ƙarya, suna iya sa sunanki a rumbun Cifas, ƙungiyar yaƙi da zamba ta Birtaniya, ya zauna har shekara shida, sauran bankuna suna gani. Na ga yaron da aka janye wa tayin aiki bayan ya riga ya kira gida an yi murna, ejan kuwa ya kashe waya. Ki mayar da muƙaminki na gaskiya yau.

To, ɗauki abu ɗaya daga aikinki na Kano, a ce kin rage rufe lissafin wata daga kwana biyar zuwa uku. Gaskiyar ɗaya ce, yadda za ki faɗe ta ne ke sauyawa.

Banki yana son ya ga mai kiyaye ƙa'ida. Shafi ɗaya, lambar gurbin aikin a sama, cikakkun jimloli, ba raha. In kin san sunan mai karɓa, buɗe da `Dear Ms` da sunan danginta, ki rufe da `Yours sincerely`. In ba ki sani ba, `Dear Sir or Madam` ke tafiya da `Yours faithfully`. Ki ce kin rage kwanakin ba tare da tsallake wani matakin tantancewa ba, ki faɗi yadda kike gano kuskure da wanda kike kai wa rahoto. Saurin da ba a nuna kiyayewa a cikinsa ba tsoro yake ba su.

Sabon kamfani kuwa, mai shi ne zai karanta a waya tsakanin taro da taro. `Hi` da sunansa na farko, ko da bakinki zai yi nauyi. Layi shida ya isa: kin gwada manhajarsu, ga abin da kika lura, ga yadda kika haɗa jadawalin Excel da kanki ba wanda ya sa ki.

A ƙungiyar agaji 'yan'uwanmu suka fi faɗuwa, don suna zaton kuka ake so. Sam. Yawancinsu suna ba da jerin sharuɗɗan wanda suke nema, an raba wajibi da wanda in akwai ya yi kyau, kuma masu tantancewa maki suke bayarwa a kan kowane sharaɗi. Ki bi jerin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da misalinsa: halin da aka shiga, abin da kika yi, abin da ya biyo baya. Kwana biyun nan da kika rage, a nan ki nuna amfaninsa ga mutane, kamar masu ƙananan sana'o'i da suka daina jiran a gyara musu asusu. Kina iya faɗin abin da ya jawo ki ga aikinsu a jimla biyu masu ɗumi, amma sharaɗin da kika tsallake sifiri ne, komai daɗin bakinki.

Kafin ki ɓata dare a kan kowace, duba sunan ma'aikatar a `Register of licensed sponsors` a gov.uk, wato jerin ma'aikatun da gwamnati ta ba lasisin tsaya wa baƙo ya samu bizar aiki. Bankuna manya galibi suna ciki. Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa ba sa ciki, wasu kuma albashinsu bai kai abin da bizar ƙwararrun ma'aikata ke buƙata ba.

Batun Yaya, ina bayanki. Allah Ya saka masa, amma shawararsa ta neman alfarma wurin mai gida ce, ba ta neman aiki a nan ba. Kuɗin makarantar ƙanne ba ya shiga takarda. Kuma bai kamata a riƙa kiran yarinya kowace Juma'a ana tambayar aiki har ta kai kuɗin cefanenta wurin ejan ba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa duk ƙarshen wata za ki ba shi labarin inda aka kwana, tsakani kuma addu'arsa kike buƙata. Sai ki fara da takardar banki, tunda a can ne muƙamin ƙarya ya fi haɗari, ki turo mini in duba kafin ta sake fita.