Tazarar farashin Bitcoin tsakanin kasuwanni biyu

Tambaya: "Bitcoin ya fi tsada da dala 100 a Kraken a kan Binance. In saya a Binance in sayar a Kraken?"

A'a, fara yin lissafi. A ce farashinsa dala 60,000 ne, kuma kowace kasuwa tana cire 0.1 cikin ɗari: saye 60, sayarwa 60, dala 120 sun tafi, ban da kuɗin fitar da Bitcoin ɗin daga kasuwar farko zuwa ta biyu. Ka riga ka faɗi.

Jinkiri ya fi damuna. Ana haƙo tubali, wato rukunin cinikin da ake shigarwa a kundin Bitcoin, kusan kowane minti 10, kasuwa kuma sai ta jira tabbaci kafin kuɗinka ya shiga. Kafin nan, masu ajiyar kuɗi a kasuwannin biyu sun rufe tazarar cikin daƙiƙu. Wajen bibiya, kwatanta farashin masu sayarwa a inda za ka saya da tayin masu saye a inda za ka sayar, ba farashin cinikin ƙarshe ba.