ATM ya ci min naira 20,000, banki ya ce an biya ni

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ranar wata Juma'a da yamma na je cirar naira 20,000 a na'urar ATM ta wani banki da ba nawa ba. Na'urar ta yi ƙarar ƙirga kuɗi, ta dawo min da katina, ko naira ɗaya ba ta fito ba. Nan take alat ya shigo cewa an cire min 20,000 da cajin naira 100. Ranar Litinin na je bankina, aka ce in je bankin da ke da na'urar. Can kuma suka ce ni ba kastomansu ba ne, in koma nawa. Da ƙyar aka ba ni fom na cika. Yau mako uku ke nan, jiya wani ma'aikaci ya ce min an duba, na'ura ta nuna ta biya ni, magana ta ƙare. Wallahi ban karɓi komai ba. Ina da wata mafita a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da haƙƙinka. Kana da mafita, kuma maganar ba ta ƙare a bakin wannan ma'aikacin ba.

Zan fara da yawon da aka yi da kai, domin shi ya fi ɓata min rai. Yarjejeniyarka da bankinka ce, wanda ya buɗe maka asusu ya ba ka kati. A idon doka, kuɗin da ka ajiye bashi ne a wuyansa, sai ya biya ka duk lokacin da ka nema. Idan ya rubuta a asusunka cewa ya ba ka 20,000 alhali ba ta shiga hannunka ba, to bashin yana nan a kansa. Bankin da ke da na'urar, tsakaninsa da bankinka ne: naka ne zai shigar da ƙorafin ta hanyar kamfanin da ke haɗa bankuna, wancan kuma ya duba ya amsa ko ya ƙi. Saboda haka wanda ya tura ka can tun farko bai yi daidai ba. Kada ka sake yarda a mayar da kai ɗan aike tsakanin bankuna biyu.

Akwai kuma wa'adi. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da umarni da ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2020. Idan na'urar ta bankinka ce, kuɗin ya kamata ya dawo nan take, in kuma hakan ya gagara saboda matsalar na'ura, a mayar da shi da hannu cikin awa 24. Idan na'urar ta wani banki ce, kamar taka, kada ya wuce awa 48. Kai kuwa ka kwana ashirin da wani abu. An riga an saɓa wa wa'adin kafin ma a zo kan batun wane ne mai gaskiya.

Yanzu ga ainihin maganar: “na'ura ta nuna ta biya.” Mutane da yawa a nan suke karaya, suna ganin ai kwamfuta ba ta ƙarya. To ka sani, abin da ma'aikacin ya gani a allonsa yawanci bai wuce alamar cewa cinikin ya yi nasara ba, wato bankinka ya amince, an cire kuɗi daga asusu. Wannan ba hujja ba ce cewa takardun kuɗi sun fito daga bakin na'ura. Akwai abubuwa uku da ke iya tabbatar da hakan, kuma duka suna hannun bankin da ke da na'urar.

Na farko, kowace na'urar ATM tana rubuta wa kanta kundi na ciki, daƙiƙa bayan daƙiƙa: lokacin da kati ya shiga, lokacin da aka sa lambar sirri, takardu nawa aka ɗauko daga wane akwati, an miƙo su, an karɓa, ko sun maƙale. A irin wannan kundin za ka ga kalmomi kamar “Cash presented” da “Cash taken”, ko kuma lambar da ke nuna tangarɗa. Ƙarar ƙirgar da ka ji tana nufin na'urar ta ɗauko kuɗin. Sau da yawa takarda ɗaya yagaggiya ko biyu da suka manne su ne ke sa ta fasa miƙowa, ta zuba su duka a wani ƙaramin akwati na ciki da aka tanada don takardun da ta ƙi.

Na biyu shi ne lissafin ranar da aka buɗe na'urar. Ma'aikata suna ƙirga abin da ya saura su gwada da abin da na'urar ta ce ta biya. Misali, a ce an loda mata naira miliyan 5, kundi ya nuna ta biya miliyan 4 da dubu 200. Ya kamata a tarar da dubu 800. Idan aka tarar da dubu 820, wannan rarar ta 20,000 ta wani ce, kuma ga ka nan ka zo da ƙorafin daidai wannan adadin a daidai wannan ranar. Na uku shi ne hoton kyamara, wanda zai nuna ko hannunka ya ɗauki kuɗi ko ka juya hannu rabbana.

Hoton nan shi nake so ka gaggauta a kansa. Ba a ajiye shi har abada, sabo yana hawa kan tsoho. Mako uku ba kaɗan ba ne. Gobe da safe ka kai takarda a rubuce ga manajan reshen bankinka, ba fom kawai ba. Ka faɗi rana da lokaci, unguwar da na'urar take, adadin kuɗin, da lambobi huɗu na ƙarshe na katinka. Kada ka rubuta lambar sirri, kada kuma ka faɗa wa kowa ita, ko da ya kira ka ya ce daga banki yake zai mayar maka da kuɗi. Masu damfara suna farautar irinka. Ka karɓi bayanin asusunka na wannan watan, ka kwafo lambar cinikin, wadda ake rubutawa RRN ko STAN, da lambar na'urar, Terminal ID, in sun fito. Sannan ka nemi abubuwa huɗu a fili: a mayar maka da 20,100, a ba ka dalilin ƙin biya a rubuce, a nuna maka kundin na'urar na wannan cinikin da sakamakon ƙirgar, a kuma adana hoton kyamara kada a goge. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Ka kuma dage a ba ka lambar bin sawun ƙorafi. Haƙƙinka ce, kuma CBN zai tambaye ka ita.

Dole in faɗa maka inda za ka iya samun cikas. Wani lokaci na'ura takan yi nawa, mutum ya gaji ya tafi, sai ta miƙo kuɗin bayan ya ba da baya, na bayansa ya kwashe. Idan haka ta faru, kundi zai nuna an miƙo an karɓa, ƙirga kuma ba za ta nuna rara ba. A nan hujjarka ta yi rauni, bankin zai ce sakacinka ne, sai dai kyamara ta nuna tsawon lokacin da ka tsaya da wanda ya ɗauka. Shi ya sa nake son ka tuna da kyau: minti nawa ka yi a wurin, wa ke bayanka a layi, ka yi wa mai gadi magana? In akwai wanda ya gani, ka nemi lambar wayarsa tun yanzu.

Idan takardarka ba ta haifar da komai ba, sai CBN. Tsarinsu shi ne ka fara kai kuka bankinka, ka ba shi mako biyu, sannan ka ɗaga zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Kai ka riga ka cika wannan sharaɗi, tunda mako biyu ya wuce da ka cika fom, amma zai fi maka ƙarfi ka haɗa da takardar nan mai hatimi. Za ka iya turawa ta cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai hannu da hannu reshen CBN na Kano. Ka haɗa kwafin takardar, bayanin asusu, hoton alat, lambar ƙorafi, da tarihin abin da ya faru a taƙaice, rana bayan rana. Ba a biyan ko kwabo, ba ka kuma bukatar lauya. A abin da na gani a wannan aiki, ƙorafin da ya kwana wata a kan teburin reshe yakan motsa da zarar tambaya ta zo daga sama. CBN ya sa iyakar shekara 6 daga ranar ciniki don karɓar irin wannan kuka, amma kada wannan ya sa ka kwanta, hujjojin ba za su jira ka shekara 6 ba.

Sai kotu. Ka'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma a nan ne masu ƙara da yawa suke faɗuwa, don ta yaya mutum zai tabbatar da cewa bai karɓi abu ba? Akwai wata shari'a daga jihar Filato da ta yi kama da taka sosai, wadda aka buga a rahotannin shari'a na 2021. Wani mutum ya je cirar naira 10,000 a na'urar wani banki da ba nasa ba, ta yi ƙarar ƙirga, ba ta ba shi ba, aka cire masa. Bankunan suka ce bayanansu sun nuna an biya. Babbar kotun jiha ta kori ƙararsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci, bisa ka'idar da ke cewa idan abin da ya jawo ɓarna yana ƙarƙashin ikon wanda ake ƙara, kuma ba ya faruwa haka kawai sai da sakaci, to nauyin bayani ya koma kansa. Na'urar tasu ce, kundin nasu ne, kyamarar tasu ce, su ne za su nuna wa kotu cewa kuɗin ya fita. A kotu kuma kana iya haɗa bankunan biyu, ka nemi kuɗinka da diyyar wahalar da aka ba ka. Bankin da zai kawo bayanan kwamfuta a matsayin shaida sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki lafiya a lokacin.

Duk da haka, ba zan ce ka garzaya babbar kotu a kan 20,100 ba. Kuɗin shigar da ƙara da na lauya da zirga-zirgar shekaru za su lashe abin da kake nema sau da yawa. In har ta kai ga shari'a, Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa, kuma an tsara ta ne don a gama da wuri. Kafin nan, takardar gargaɗi daga lauya mai wa'adin kwana bakwai takan yi arha, kuma sashen shari'a na banki ba ya son zuwa kotu a kan kuɗin da wataƙila yana kwance a asusun rararsu.

Ka kai takardar gobe, ka ajiye kwafinka mai hatimi. In mako ya zagayo ba ka ga alat ba, ka tura wa CBN, kuma ka sa sunan reshen da ranakun da ka je a cikin saƙon.