Takardu goma sha ɗaya, wanne zan sa a CV?

Oga barka da dare. Wani kamfanin sola yana neman masu haɗa aiki a nan Gombe, sun ce a tura CV kafin Litinin. Na tattaro satifiket ɗina sun kai goma sha ɗaya, ga hotunansu na turo maka. In jera su duka ne ko yaya zan yi? Ina tsoron in na rage a ga kamar ban da komai.

Barka kadai. Na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya uku ne za su shiga, na huɗun ma sai mun yi shawara. Kar ranka ya ɓaci, sauran ba ƙonawa za ka yi ba, suna nan a fayil ɗinka har ranar da aikinsu zai zo.

Abin da nake so ka fara ganewa, takardun nan naka ba jinsi ɗaya ba ne duk da cewa kowacce na da tambari da sa hannu da ado a gefe. Akwai wadda sai da aka zaunar da kai aka gwada ka, aka ba ka waya da filaya aka ce yi mu gani, kuma da ka kasa da ba a ba ka ba. Akwai kuma wadda abin da take faɗa kawai shi ne ka zo ka zauna a ɗakin taro, ka sha lemo, an yi hoto. Injiniyan da zai karanta CV ɗinka ya san bambancin nan tun kafin a haife ka, ido ɗaya zai yi musu ya ware, to in ya ga ka cakuɗa su wuri guda har ta zaman yini ɗaya ta hau kan ta jarrabawa, abin da zai ɗauka shi ne kai ɗin ne ba ka san bambancin ba. Ga shi kuma ba taka kaɗai ce a gabansa ba, tuli ne a kan tebur, in ya karanta layi uku na farko bai ga abin da yake nema ba ya wuce.

Ta farko a jeri ita ce Trade Test ɗinka ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Na ga kana da mataki na uku da na biyu, kuma ka ƙirga su takardu biyu. Ɗaya ce a CV. Ita wannan jarrabawar daga uku ake farawa, a hau biyu, a ƙare a ɗaya, saboda haka duk wanda ya ga kana da na biyu ya san ka bar na uku a baya, ba sai ka ɓata layi kana gaya masa ba. Sai NTC ɗinka ta NABTEB da ka yi a makarantar fasaha, ita ma jarrabawa ce, tana da nauyi, amma wurinta sashen ilimi ne tare da sunan makarantar, kar ka sake maimaita ta a ƙasa wai dan jerin ya yi tsawo. Ta ukun ita ce horon sola na wata uku da ka yi ƙarƙashin ITF, hukumar gwamnati mai horar da ma'aikata, wannan ko da ba ta kai Trade Test ƙarfi ba ita ce ta fi kusa da aikin da ake nema, dan haka dole ta fito fili a gan ta.

Yadda za ka rubuta kowacce, abu huɗu nake so a layin: sunan takardar kamar yadda yake a jikinta, wanda ya bayar, shekara, sai mataki ko tsawon lokacin da aka ɗauka. Tunda da Turanci za ka buga, ga yadda zai fito:

```
Trade Test Grade II, Electrical Installation - Federal Ministry of Labour and Employment, 2023
Solar PV Installation (3 months) - Industrial Training Fund, 2024
```

Ka duba jikin takardun ka kwafi sunan harafi da harafi, kar ka bi nawa in ya saɓa, kuma kar mai buga takardu a shagon kwamfuta ya ce bari ya gyara maka ya ƙara gishiri. Na sha ganin an mai da kwas na mako biyu difloma, ranar intabiyu aka ce kawo asali, ido ya raina fata. Wata ukun nan da ka ga na sa, shi ne ke raba ka da wanda ya yi bita ta kwana biyu ya rubuta suna iri ɗaya da naka, in ka bar shi ka cuci kanka.

Yanzu ta huɗun da na ce sai mun yi shawara, wato bitar yini ɗaya da dillalin inbata ya shirya. Ka koma ka karanta tallar aikin ko ka tambayi wanda ya sani, wace irin inbata kamfanin nan ke sakawa. In irin wadda aka koya muku ce, sa ta, layi ɗaya a ƙarshe, ka rubuta ƙarara cewa ta yini ɗaya ce, zai nuna ka taɓa shiga saitin na'urar ba sai an fara da kai daga bismillah ba. In wata iri ce daban, bar ta a gida.

Ga kuma ma'aunin da nake so ka riƙa auna kowacce da shi, har waɗanda za ka samu nan gaba. Duk layin da ka rubuta, ka ba su izinin su tambaye ka a kansa ne. Ka rubuta sola wata uku, to ka shirya, za a iya ce maka ga fanel uku, kowanne an rubuta Voc 49V a bayansa, wato bolt ɗin da yake bayarwa in ba a jona masa komai ba, ga kwantirola MPPT da iyakarta 150V, za ka haɗa su a jere? Mai gaggawa zai lissafa ya ce 147 ne ai bai kai ba, a haɗa. Wanda ya zauna a ajin da gaske zai tuna cewa lambar nan a zafin digiri 25 aka auna ta, kuma in fanel ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake, to da sassafe lokacin hunturu a nan Gombe, rana ta fito fanel bai ɗumama ba, tazarar bolt ukun nan za ta iya tafiya kwantirola ta ƙone. Kai na san za ka amsa wannan dan mun yi irinsa tare. Amma satifiket biyun nan da ka samo a waya, na batirin litiyam da ɗayan, tsakaninka da Allah in aka ce yi bayanin aikin BMS, wato na'urar da ke kula da cajin batirin litiyam, ko me ya sa ba a cajin litiyam da saitin batirin ruwa, za ka iya minti biyu kana magana ba ka kame-kame? In za ka iya, zo ka gwada a gabana, sai mu cire ta dillalin mu sa guda ɗaya. In ba za ka iya ba, sa su ya fi rashin sa su haɗari, dan tambaya ɗaya da ka faɗi a kansu za ta sa su fara shakkar na gasken ma.

Ta taimakon gaggawa ta ban haushi dan da ta yi amfani, masu hawa rufi da taɓa wuta ana son su da ita. Amma dubi ƙasanta, akwai ranar ƙarewa kuma ta wuce tuni. Ko ka je ka sabunta ka sa sabuwar shekara, ko ka cire. Difloma ta kwamfuta kuwa ba ta buƙatar layi a nan, a sashen abubuwan da ka iya ka rubuta kana amfani da Excel wajen lissafin lodi da kuɗin kaya, wannan ya fi sunan shagon da ba wanda ya sani. Ta koyon haɗa sabulu da man shafawa da aka raba muku a shirin tallafi, da ta yabo da ƙungiyar matasan unguwa ta ba ka, Allah ya sa albarka, amma ba ruwan mai neman ma'aikacin sola da su.

Wani abu kuma, na ji kana cewa za ka rubuta NEMSA, hukumar gwamnati da ke tantance masu aikin wutar lantarki, tunda kana aiki a ƙarƙashina. A'a. Shaidar ƙwarewa ta NEMSA da sunana take, ni na zauna aka tantance ni, ba ta shago ba ce balle ta yaran shago. Abin da za ka iya faɗa a sashen aiki shi ne ka yi shekarunka ƙarƙashin mai wannan shaidar, kuma ka sa lambata su kira ni. Haka matakin ɗaya na Trade Test, kar ka rubuta wai yana hanya alhali ko fom ba ka cike ba, sai ranar da rasit ke hannunka.

Wurin da ka samu bayan ka share takwas ɗin nan, cike shi da aiki, nan ne takardun za su samu abin jingina. Ka tuna gidan Tumfure, inbata 5kVA mai 48V, batir huɗu masu 12V 200Ah a jere, kai ka ja wayar fanel tun daga rufi, kai ka raba lodi aka cire hita da dutsen guga daga layin inbata. Rubuta shi haka da lambobinsa. Ka ƙara famfon rijiyar burtsatse mai sola da muka haɗa a hanyar Kumo. Mai karatu in ya ga kwas a 2024 sannan ya ga aiki biyu irinsa bayan nan, ya san kwas ɗin ya shiga hannu. A sama can kuma inda ake gabatar da kai a layi biyu, ambaci guda ɗaya tak, mai wayarin da haɗa sola, Trade Test mataki na biyu, shi ke nan.

Wajen turawa, kar ka tura hotuna tarkace yadda ka turo min, wani a karkace wani da yatsanka a ciki. Ka je a yi maka sikanin ukun nan ko huɗu, a haɗa su PDF ɗaya, a bi jerin da ke cikin CV. Asalin kuma ka riƙe su a hannunka ranar intabiyu, a gani a mayar maka, fotokwafi ake bari.

Saura abu ɗaya da ya fi duk wannan gaggawa. Na lura sunan mahaifinka a takardar NABTEB rubutunsa daban da na Trade Test, kuma a ta ITF an sa sunan kakanka a ƙarshe. Mu mun san kai ne, mai ɗaukar ma'aikata bai sani ba. Ka duba wanne ya dace da na NIN ɗinka, shi za ka sa a saman CV, sannan gobe da safe kafin ka zo shago ka biya kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen naka ne, ka haɗa ta a ƙarshen PDF ɗin. In ka gama bugawa turo min in duba kafin ka aika, kuma ka taho da mita, akwai aikin Pantami da azahar.