Amsa: Wayar bashi don bikin ƙawa

"Duk ƙawayen amarya iPhone suke riƙewa. In ci bashi in saya?"

'Yar'uwa, kada ki ci. Duba lissafin: an fitar da anko, leshi daban, atamfar kamu daban, ga kuɗin ɗinki da kwalliya. Ki ɗora bashin waya a kai? Kusan kowace Satumba Apple ke fitar da sabuwa, taki ta zama tsohon yayi alhali ba ki gama biya ba. Kuma masu kallon nan ramukan kyamara kawai suke ƙirgawa. Shi ya sa ake sa wa tsohuwar iPhone XR rigar iPhone 13 Pro a sayar. In dole sai kin saya, shiga Settings, General, About ki duba Model Name tukuna.